Tsakanin Turmi da Tukunya: Me Ma'aunin Tattalin Arzikin Ƙasa Yake Ƙirgawa, Me Yake Tsallakewa?

Duk ƙarshen shekara, idan aka kai kasafin kuɗi gaban majalisa a Yawunde, sai mu ji a rediyo cewa tattalin arzikin Kamaru ya ƙaru da kashi uku da wani abu cikin ɗari, ko kuma ana sa ran baɗi zai kai huɗu. A teburin mai shayi nan Garwa tambaya ɗaya ake yi: ina ƙaruwar ta shiga? Mutumin da ya sayi litar fetur sefa 630 a farkon 2023, ya wayi gari yana sayenta 840 a 2024, yana da hujjar yin wannan tambaya.

Amma tambayar da ta sa na zauna rubutu ba daga can ta fito ba. Ƙanwar mahaifiyata ce ta yi mini ita, wadda muke kira Inna, mai suyar ƙosai a ƙofar gida. Tana tsame ƙosai daga mai rediyonta na magana, sai ta juyo ta ce, "Kai ɗana, kai da ka yi boko, wannan arzikin ƙasa da suke ƙirgawa, wunin da nake yi a tsaye yana ciki?" Na ce mata, "Inna, rabinsa na ciki, rabi ba ya ciki." Ta ce to wa ya raba, kuma da wace wuƙa? Amsar tana da tsawo, ga ta nan.

Mene ne abin da ake ƙirgawa

Masu sauraron labarai da Faransanci sun san shi da PIB, masu kama tashoshin Najeriya kuma da GDP. Abu ɗaya ne: jimillar darajar kaya da ayyukan da aka samar a cikin iyakokin ƙasa a tsawon shekara guda, an auna su da kuɗi. Ba kuɗin da ke baitulmali ba ne, ba kuma dukiyar da ƙasa ta tara tun kaka da kakanni ba. Abin da aka samar bana kawai yake dubawa, kamar yadda manomi yake ƙirga damman gero na damina ɗaya, ba ya haɗa da gonar kanta. A Kamaru hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ita ke fitar da shi, a Cadi kuma INSEED.

Wahalar lissafin ita ce kada a ƙirga abu ɗaya sau biyu. Kaskon Inna ya isa ya nuna mana yadda ake kauce wa haka. Mu ƙaddara a rana ɗaya ta sayi wake na sefa 3,000, mai na 2,000, itace na 500, ta biya niƙa 300, albasa da tattasai da gishiri suka ci 200. Ta kashe 6,000 ke nan. Kafin hantsi ya dubi ludayi ta sayar da ƙosai na 9,000. Abin da Inna ta ƙara wa arzikin ƙasa a wannan rana shi ne 3,000, wato bambancin da ke tsakanin abin da ta sayar da abin da ta saya don yin sana'ar. Shi ake kira ƙarin daraja.

Sauran 6,000 ɗin ba su ɓata ba, a wajen masu su ake rubuta su. Kuɗin wake ya rabu tsakanin manomin da ya noma shi, direban da ya ɗauko shi da mai awon da ya sayar mata. Kuɗin niƙa na mai inji ne, bayan an cire man da injinsa ya sha. Idan man suyar daga wata ƙasa aka shigo da shi, darajarsa ta ƙasar da ta yi shi ce, ribar ɗan kasuwarmu da ladan dako kaɗai ne namu. Da za a haɗa 9,000 na ƙosai da 6,000 na kayan haɗi a ce 15,000, an ƙirga wake sau biyu: sau ɗaya a buhu, sau ɗaya a kasko.

Haka ake bi sana'a-sana'a, daga mai ƙosai har kamfanin auduga na Sodekoton da madatsar Lagdo mai ba mu wuta, a tara ƙarin darajar kowa. Malamin makarantar gwamnati da ma'aikaciyar asibiti ba sa sayar da komai a kasuwa, don haka ana auna aikinsu da abin da aka kashe a kansa, galibi albashi. Jimillar ta Kamaru a 'yan shekarun nan ta kai wajen biliyan dubu 30 na sefa. Idan aka raba ta da yawan jama'a, kowa zai tashi da kimanin sefa miliyan ɗaya a shekara. Riƙe wannan adadin, za mu dawo kansa.

Dalilin da ya sa kashi huɗu ba ya kaiwa aljihu

Wannan ba shi da wuyar ganewa. Ƙaruwar da ake faɗa a rediyo ta yawan abin da aka samar ce, bayan an cire tasirin tsadar kaya. Idan Inna ta soya ƙosai daidai da na bara amma ta ƙara masa kuɗi, ba a ce ta ƙara komai ba. Sannan mu ma ƙaruwa muke yi: jama'ar Kamaru na ƙaruwa da fiye da kashi biyu da rabi cikin ɗari a kowace shekara. Idan tuwo ya ƙaru da kashi uku da rabi, masu ci suka ƙaru da biyu da rabi, lomar kowa da kashi ɗaya kacal ta ƙaru, wannan ma idan an raba daidai. Ba a kuwa raba daidai. Binciken rayuwar iyalai na 2014 ya nuna talauci a ƙasa baki ɗaya yana wajen kashi 37 cikin ɗari, amma a jihar Arewa Mai Nisa ya haura kashi 70. Ma'aunin ba ya tambayar wa ya samu, jimilla kawai ya sani.

Maƙwabtanmu na Cadi sun ga wannan da idonsu. An fara tura man Doba ta bututu zuwa Kiribi a 2003, a 2004 kuma ma'aunin tattalin arzikin ƙasar ya yi tsallen da ya haura kashi 30 cikin ɗari. Lissafin gaskiya ne, man an haƙo shi a ƙasar Cadi. Sai dai kaso mai tsoka na ribar na kamfanonin waje ne da suka zuba jari, shi kuwa ma'aunin duk abin da aka samar a cikin iyaka yake ƙirgawa, ko da mai shi zai kwashe ya fita da shi.

Ba sai an sayar ba

Mutane da yawa, har da wasu 'yan boko, suna ɗauka cewa abin da ya bi ta banki ko ta ofishin haraji kaɗai ake ƙirgawa. Ba haka ba ne. Inna ba ta da rasit, ba ta da rajista, amma a ƙa'ida ƙosanta na ciki. Ba wanda ke zuwa ya ƙirga mata, gaskiya ne. Abin da ake yi shi ne a zaɓi wasu gidaje da ƙananan sana'o'i a yi musu tambayoyi dalla-dalla, kamar binciken aikin yi da sana'o'in da ba su da rajista da aka yi a 2005 da 2010, sannan a ƙiyasta na sauran. A ƙasar da kusan tara cikin goma na masu aiki suke irin wannan sana'a ko noma, babban ɓangare na adadin ƙiyasi ne, kuma ingancinsa ya dogara da yadda binciken ya yi kyau da kuma tsufansa. Najeriya ta nuna girman abin: a 2014, da ta sabunta shekarar da take gina lissafinta a kai daga 1990 zuwa 2010, adadin ya kusa ninkawa a rana ɗaya, alhali ba buhun masara ɗaya da ya ƙaru. Sana'o'i irin su wayar salula da shirya finafinai ne aka fara ƙirga su yadda ya kamata.

Har abin da bai je kasuwa ba ana ƙirgawa. Manomin da ya noma masakwa a karkarar Marwa ya zuba a rumbu iyalinsa suka cinye, ana yi wa hatsin kuɗi da farashin bakin gona a saka. Nonon da aka tatsa aka sha a ruga, kifin da masunci ya kamo a Binuwai aka yi miya da shi, ɗakin da mutum ya buga tubali ya gina da hannunsa, duk suna ciki. Akwai ma wanda ya fi ba da mamaki: wanda ke zaune a gidan kansa, ana ƙaddara kamar yana biyan kansa haya, a ƙiyasta kuɗin a saka a lissafi.

To idan har ana iya yi wa masakwar rumbu kuɗi, ana iya ƙiyasta hayar da ba wanda ya biya, me ya hana a ƙirga girkin Inna?

Inda wuƙar ta bi

Ƙasashen duniya suna bin ƙa'ida ɗaya ta lissafin ƙasa wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara fitarwa a 1953, aka yi mata gyara a 1968, 1993 da 2008. Wannan ƙa'ida ta ja layi a tsakar gida. Duk abin da iyali suka samar don kansu, idan kaya ne da za a iya ɗauka a ajiye ko a kai kasuwa, yana ciki. Idan hidima ce da wani ya yi wa wani a cikin gida ba tare da biya ba, tana waje.

Mu bi Inna daga asuba mu ga inda layin ya ratsa. Ta tashi kafin kiran salla ta wanke waken da ta jiƙa, ta aika niƙa, ta soya ta sayar: yana ciki. Ta dawo ta share tsakar gida, ta yi wa jikoki wanka, ta shirya su zuwa makaranta: ba ya ciki. Ta aiki 'yarta famfon unguwa ta ɗebo ruwa jarka huɗu: a ƙa'ida yana ciki, domin tun gyaran 1993 ana ɗaukar ɗiban ruwa da yin itace a matsayin samar da kaya, ko da yake ƙasashe ƙalilan ne ke iya ƙiyasta su da kyau. Ta surfa dawa, ta sheƙe, ta daka ta tankaɗe: wannan ma yana ciki, saboda gari kaya ne, ana iya ɗaure shi a kai kasuwa. Amma da zarar ta ɗora tukunya ta yi talge ta fara tuƙa tuwo, ta fita daga lissafi. Dafa abincin da za a ci a gida hidima ce. Layin ya bi ne daidai tsakanin turmi da tukunya, taku uku a tsakar gida ɗaya, hannu ɗaya, gumi ɗaya.

Akwai kuma surukarta, tsohuwa da ta shekara biyu a kwance. Na sha ganin Inna da azahar ta jingina ta da bango, ta ɗebi kunu a ludayi tana hurawa tana ba ta kaɗan-kaɗan, tana share mata baki da gefen zane. Sau biyu a dare take tashi ta juya ta don kada jikinta ya yi gyambo. Da a asibiti ake wannan aikin, da an rubuta shi cikin ayyukan lafiya, an biya albashi, ya shiga ma'auni. A ɗakin Inna sifiri ne.

Koma wa ƙosan ma. Ranar sunan jikarta ta soya daidai irin na kullum, wake na 3,000, mai na 2,000 da sauransu, aka raba wa baƙi. Kayan haɗin na 6,000 sun shiga lissafi a matsayin sayayyar iyali. Amma 3,000 ɗin nan, ƙwarewarta da tsayuwarta gaban wuta, babu su. Ƙosan bai canza ɗanɗano ba, kuɗi ne kawai bai sauya hannu ba.

Daga nan wani abu ke biyowa da ya kamata kowa ya lura da shi. Ɗauki maƙwabta biyu, kowacce na rainon 'ya'yanta: ma'auni bai ga komai ba. Idan suka yi musaya, wannan ta riƙe na waccan, kowacce tana biyan 'yar'uwarta sefa 20,000 a wata, arzikin ƙasa ya ƙaru da 480,000 a shekara. Yaran su ne dai, rainon shi ne dai, ba wadda ta ƙaru da ko dala. Masanin tattalin arziki na Ingila Arthur Pigou ya ba da irin wannan misali tun 1920, cewa idan mutum ya auri mai yi masa aikin gida, kuɗin shigar ƙasa ya ragu, tunda albashi ya tsaya alhali aikin na nan. Ma'anar wannan a wajenmu ita ce, yayin da garuruwa irin su Garwa, Marwa da Ngaundere ke girma, mutane na barin girkin gida suna cin na mai abinci, ana kai wanki wajen mai wanki da guga, wani ɓangare na ƙaruwar da ake sanarwa ba sabon aiki ba ne. Tsohon aiki ne ya tsallaka layi.

Hujjar masu lissafi, da ta masu sukarsu

Bai kamata a ɗauka waɗanda suka ja wannan layi ba su san abin da suke yi ba. Simon Kuznets, wanda ya shirya wa majalisar Amurka lissafin kuɗin shigar ƙasa a 1934 lokacin da tattalin arzikinsu ya durƙushe, da kansa ya yi gargaɗi cewa ba a auna jin daɗin al'umma da wannan adadi, kuma ya ambaci aikin matan gida cikin abin da ya bari a waje. An ƙera ma'aunin ne don a san halin da kasuwa da masana'antu ke ciki.

Hujjojinsu uku ne, kuma suna da nauyi. Ta farko, masakwar rumbu manomi na iya canza shawara ya sayar idan farashi ya yi kyau, don haka tana da alaƙa da kasuwa, amma wankan da aka yi wa jariri ba ya ajiyuwa balle a sayar. Ta biyu, babu farashin da kowa zai yarda da shi, kuma aikin yana da yawan da idan aka zuba shi cikin jimilla zai rufe abin da ake son gani. Babban bankin yankinmu, BEAC, yana kallon ma'aunin ne don ya san kuɗin da ke yawo da tsadar kaya, gwamnati kuma don ta san abin da za ta iya karɓa haraji ta biya bashi. Ba a biyan bashi da tuwon da aka riga aka cinye. Ƙasashen da ke amfani da sefa a Afirka ta Tsakiya sun yarda kada bashin gwamnati ya wuce kashi 70 cikin ɗari na ma'aunin, to da za a kumbura shi da darajar aikin gida, sai a buɗe wa gwamnatoci ƙofar ƙarin bashin da ba abin biyansa. Ta uku, idan duk mai shara da girki a gidansa ya zama ma'aikaci, kalmar rashin aikin yi ta rasa ma'ana.

Masu suka kuma suna cewa: kun ƙiyasta hayar gidan da ba a biya ba, ashe rashin farashi ba ya hana ku idan kun ga dama. Tun 1934 wata masaniya, Margaret Reid, ta kawo gwaji mai sauƙi na gane aiki: idan za ka iya biyan wani ya yi maka shi, to aiki ne. Ana iya ɗaukar mai girki, mai wanki, mai raino, mai jinya. Ba a iya ɗaukar wanda zai yi maka barci ko ya ci maka abinci. Da wannan gwaji, kusan duk wunin Inna aiki ne. Marilyn Waring, wadda ta taɓa zama 'yar majalisa a ƙasar Niyu Zilan, ta sake tayar da maganar da ƙarfi a 1988, kuma taron mata na duniya da aka yi a Bejin a 1995 ya nemi ƙasashe su riƙa auna wannan aiki suna fitar da shi a wani lissafi na gefe.

Ni dai a ganina kowane ɓangare ya riƙe gaskiya ɗaya. Ban ga amfanin cusa girki cikin adadin da ake auna bashi da shi ba. Abin da ke damuna shi ne yadda adadin da aka ƙera don kasuwa ya zama shi kaɗai ake kira arzikin ƙasa, har mace mai wuni a tsaye ta buɗe baki ta ce wa mai tambaya, "Ni ba na aikin komai, ina gida."

Idan aka yi masa kuɗi, nawa zai kama?

Ana farawa ne da ƙirga lokaci. Ma'aikatan ƙididdiga kan zauna da mutum su bi wuninsa na jiya daga farkawa zuwa kwanciya, me ya yi, na tsawon wane lokaci. Afirka ta Kudu ta yi irin wannan bincike a 2000, Gana a 2009. Da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tattara irinsu a 2018, ta ƙiyasta cewa ana yin awa biliyan 16.4 na aikin gida da kula da mutane ba biya a kowace rana, mata ke yin fiye da kashi uku cikin huɗu, kuma ko da mafi ƙarancin albashi aka auna shi zai kai kashi 9 cikin ɗari na ma'aunin duniya baki ɗaya.

Mu gwada da Inna. A ce girki, wanke-wanke, wanki, shara, yara da jinyar tsohuwa suna cin mata awa shida a rana, kuma wannan aiki ba shi da Juma'a ba shi da Lahadi. A shekara awa 2,190 ke nan. Mafi ƙarancin albashin da aka tsayar a Kamaru a 2023 ga ma'aikatan kamfanoni da ba na noma ba sefa 60,000 ne a wata, wanda ya kama wajen 350 a awa. Idan aka ninka, an samu 766,500. Ƙosanta kuwa, 3,000 a rana sau kwana 300, ya ba da 900,000. Wato aikin da ba a gani ya kusa kamo wanda ake gani, kuma ya kai kashi uku cikin huɗu na miliyan ɗayan nan da aka ce rabon kowane ɗan ƙasa ne.

Lissafin yana da raunin da ya kamata a sani. Idan aka auna da abin da ake biyan 'yar aiki a zahiri a unguwanninmu, wanda bai kai wannan albashi ba ko kusa, adadin zai faɗi ƙwarai, kuma wannan arahar ita kanta ta samo asali ne daga raina aikin. Idan kuma aka auna jinyar da albashin ma'aikaciyar asibiti, zai haura. Sannan ga matsalar aiki biyu a lokaci ɗaya: mace na tuƙa tuwo da goyo a bayanta, kunnenta na ɗakin mara lafiya. Awa ɗaya za a rubuta ko uku? Yawancin bincike ɗaya yake rubutawa, shi ya sa raino ke fitowa ƙasa da yadda yake.

Abin da rashin ƙirgawar ke jawowa

Wani zai ce, a ƙirga ko kada a ƙirga, tuwo dai sai an tuƙa. Haka ne, amma da waɗannan alƙaluma ake yanke shawarar inda kuɗin gwamnati za su tafi. Idan ana auna aikin da za a yi da abin da zai ƙara wa ma'auni, rijiyar burtsatse a ƙauyen da ke gindin duwatsun Mandara ba za ta yi kyan gani a takarda ba. Ba ta kawo haraji, ba ta fitar da kaya waje. Amma idan ta rage wa gida hamsin tafiyar awa biyu kullum, an mayar wa ƙauyen awa 36,500 a shekara, kuma yawancinsu na mata da 'yan mata ne. Wanda bai ƙirga lokaci ba, ba zai ga wannan riba ba. Haka injin niƙa, haka murhu mai tsimin itace, haka wutar lantarki mai tsayawa.

Ta ɗaya gefen ma haka ne. Idan aka rage kashe kuɗi a asibitoci, ko tsadar magani ta sa aka dawo da mara lafiya gida tun bai warke ba, takardar kasafi za ta nuna an yi tsimi. Jinyar ba ta ragu ba, ta koma kan wata mace a wani ɗaki, inda ba a rubutawa. Sau da yawa ita ma sai ta janye wata yarinya daga makaranta ta taya ta. Ranar da aka cire yarinyar ba abin da zai motsa a ma'auni, har ma ruwan da take ɗebowa ƙari ne a ƙa'ida. Asarar sai bayan shekara goma ko sha biyar take bayyana.

Ambaliyar da ta ci Yagwa da kewayenta a 2024 ta nuna wani gefen. Amfanin gonar da ruwa ya cinye zai fito a lissafi a matsayin raguwar noma. Gidajen da suka rushe kuwa ba a cire su daga ma'aunin shekara, domin shi abin da aka samar yake ƙirgawa, ba abin da aka rasa ba, sake gina su ma ƙari ne. Amma makonnin da mata suka yi suna girki a sansani da jiƙaƙƙen itace, suna tafasa ruwan sha, suna kwana a zaune da yara masu zazzaɓi, wannan aiki da shi ne ya riƙe rayuka, ba shi da layi ko ɗaya.

Akwai kuma ranar rabuwa ko rasuwa. Addini ya tsara gado da haƙƙoƙin aure, ba ma'aunin tattalin arziki ba, amma yadda mutane ke kallon wanda ya tara dukiyar gida yana bin abin da suka saba ɗauka aiki. Sau nawa muka ji an ce, "Ai shi ya nema, ita tana zaune"? Mai gidan da ya fita kasuwa tun safe ya iya fita ne saboda akwai wadda ta riƙe masa yara, tsohuwarsa da tukunya.

Da na gama yi wa Inna wannan bayani, ta yi shiru tana juya ƙosai, sannan ta tambaye ni ko masu tambayoyin nan na gwamnati za su sake zagayowa unguwarmu. Na ce sukan zo lokaci-lokaci, kuma ba kowane gida suke shiga ba. Ta ce, "To in sun shigo nan, ka ce su zo tun asuba, su kawo takarda mai yawa. Daga jiƙa wake zan fara musu, ba zan tsaya ba sai juyin tsohuwa na biyu."